Neman lokacin karatu a kan SQL

Salamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya gajiyar mitin ɗin jiya?

Dama wata alfarma nake nema. Kin san rahoton cinikin rassa da nake haɗawa duk ƙarshen wata, har yanzu sai na kwashe data ɗin na kai Excel in yi ta lissafi da hannu, don iyakata `JOIN` da `GROUP BY`, in aka ce a kwatanta wannan watan da wanda ya wuce sai in tsaya cak. Alhali `LAG()` da `PARTITION BY` za su yi shi a cikin PostgreSQL ɗinmu kai tsaye. Ga kuma kwerin basussuka da ke jan jiki kullum da safe, ina so in iya karanta `EXPLAIN ANALYZE` in gane ko index ne babu.

Shi ne nake roƙon a ba ni awa 2 ranar Talata da Alhamis bayan Azahar, na sati 6. A kwafin gwaji zan koya, ba zan taɓa na aiki ba. Satin rufe wata kuma zan ajiye karatun.

Wallahi abin na raina sosai Hajiya, a taimaka a duba. Allah ya ƙara girma.

Taki,
Sadiya, sashen data