Fassarar Takardar Sallamar Malam Garba Isa daga Aiki, Tare da Bayanin Haƙƙoƙinsa

Malam Garba, ga fassarar takardar da ofishin ma'aikata ya ba ka da Turanci, wadda ka kawo mini ofishin ƙungiya ranar Litinin da yamma. Na fassara ta gaba ɗaya ba tare da ragi ko ƙari ba, sannan na biyo ta da bayani a kan wuraren da na ga suna buƙatar bayani. Ka sani cewa ta Turancin ita ce kamfani ya sa wa hannu, kuma ita za a duba idan gardama ta taso, saboda haka ka adana su tare.

FASSARAR TAKARDAR

Sharaɗa, Kano
26 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Malam Garba Isa, mai sarrafa inji a sashen bokitai.

SANARWAR ƘARE AIKI SABODA RAGE MA'AIKATA

Muna sanar da kai cewa hukumar gudanarwar kamfani ta yanke shawarar rufe sashen bokitai baki ɗaya, sakamakon tsadar wutar lantarki da man dizal da kuma raguwar ciniki. Saboda haka aikin da ka fara da mu ranar 1 ga Fabrairu, 2018, zai ƙare ranar 31 ga Mayu, 2025. Wannan mataki bai danganci wani laifi ko gazawa daga gare ka ba, kuma an sanar da shugabannin ƙungiyarku dalilinsa da yawan waɗanda ya shafa a zaman da aka yi ranar 12 ga Mayu.

Maimakon sanarwar wata ɗaya da ta kamata a ba ka, kamfani zai biya ka gundarin albashinka na wata ɗaya. Haƙƙoƙinka su ne kamar haka:

Albashin watan Mayu, wato gundarin albashi naira 55,000 da alawus na gida naira 24,000 da na sufuri naira 16,000, jimilla naira 95,000. Za a cire naira 7,600 na fansho da naira 4,988 na haraji, saura naira 82,412.

Kuɗin madadin sanarwa, naira 55,000.

Kuɗin hutun shekara na kwana goma da ba ka tafi ba, naira 25,000.

Kuɗin sallama, wato gundarin albashin wata ɗaya a kan kowace cikakkiyar shekara ta aiki kamar yadda aka yi yarjejeniya da ƙungiya, shekara bakwai, naira 385,000. Daga ciki za a cire naira 30,000, ragowar rancen da ka karɓa daga kamfani, saura naira 355,000.

Za a tura albashi da kuɗin madadin sanarwa da na hutu cikin asusunka na banki ranar Juma'a, 30 ga Mayu. Za a biya kuɗin sallama kafin ƙarshen ranar 30 ga Yuni, bayan ka mayar da katin shaida da mabuɗin akwatin kayanka da kayan aikin da ke hannunka, kuma shugaban sashe da mai kula da sito sun sa hannu a fom ɗin miƙa kaya. Idan doka ta ɗora wani haraji a kan sauran kuɗaɗen, za a cire shi, kuma za a nuna shi a takardar biya.

Ana buƙatar ka sa hannu a kwafin wannan takarda don shaida cewa ta iso gare ka. Lokacin karɓar kuɗin sallama kuma za ka sa hannu a takardar da ke haɗe da wannan, wadda ke tabbatar da cewa an biya ka dukkan haƙƙoƙinka, kuma ba ka da sauran wani abin da kake bin kamfani.

Muna gode maka bisa shekarun da ka yi kana aiki tare da mu, muna kuma yi maka fatan alheri.

Manajan Ma'aikata, a madadin hukumar gudanarwa.

BAYANI

Abu na farko da nake so ya zauna maka a zuciya, Malam, shi ne wannan takarda ba ta kora ba ce. A bakin mutane duk wanda ya bar aiki ba da son ransa ba cewa ake yi an kore shi, amma a shari'ar ƙwadago akwai bambanci mai girma. Kora ita ce a raba mutum da aikinsa saboda babban laifi, kamar sata ko cin amana, kuma wanda aka kora yakan rasa sanarwa da kuɗin sallama. Kalmar da suka yi amfani da ita a Turanci tana nufin gurbin aikin ne ya ƙare, ba mai aikin ne ya ɓata ba, shi ya sa na fassara ta da rage ma'aikata. Jimlar nan da ta ce matakin bai danganci laifi ba tana da amfani ƙwarai, domin ita za ka nuna wa duk wanda ka je neman aiki wurinsa.

Dangane da sanarwa, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tsara ta gwargwadon daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya kuma ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Kai ka yi shekara bakwai da wata huɗu, don haka wata ɗaya ne haƙƙinka, kuma tun da kwana biyar kacal suka ba ka, dole su biya madadinsa. Na ga yadda fuskarka ta canza da na karanta maka naira 55,000, alhali kai 95,000 ka sani a matsayin albashinka. Nan gaskiya doka ba ta bayanmu, domin sashen ya ce idan za a lissafa kuɗin madadin sanarwa ba a sa kuɗin ƙarin lokaci da alawus-alawus a ciki. Na duba takardar ɗaukarka aiki ko ta yi maka alkawarin abin da ya fi haka, na tarar ita ma gundarin albashi ta ambata.

Kuɗin hutu lissafinsa a fili yake. Sun raba naira 55,000 gida 22, wato kwanakin aiki na wata, ya ba da naira 2,500 a rana, sau goma ya zama 25,000. Abin da ya rage shi ne ka tuna da kyau ko kwana goma ne ya saura, domin ka ce mini bara an dawo da kai daga hutu tun bai ƙare ba lokacin da aka sami odar gaggawa. Idan haka ne, littafin sa hannu na bakin ƙofa zai nuna, kuma kowace rana da aka manta naira 2,500 ce.

Kuɗin sallama shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, domin da yawa suna zaton doka ta yanke adadinsa. Ba ta yanke ba. Abin da sashe na 20 ya ɗora wa kamfani shi ne ya sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda za a rage, ya fara da waɗanda suka zo daga baya tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan abin da za a biya. Ke nan albashin wata ɗaya a kan kowace shekara daga teburin sasantawa ya fito, kuma ina cikin waɗanda suka zauna a kansa. Maganar fara rage sababbi ba ta taimake ka ba saboda sashen gaba ɗaya aka rufe. Sai ka lura da kalmar nan “cikakkiyar shekara”, domin ita ce ta zubar da wata huɗun da ka yi daga Fabrairu zuwa Mayu, waɗanda da an lissafa su da sun kai naira 18,333. A ganina wannan ƙwauro ne, kuma za mu sake tayar da maganar a zama na gaba, sai dai ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Rancen naira 30,000 kuwa, ka nemi ofishin kuɗi ya ba ka jerin abin da aka riƙa cirewa wata-wata, ka gwada da takardun albashinka kafin ka amince da shi.

Idan aka haɗa komai, ranar 30 ga Mayu ya kamata ka ga naira 162,412 a asusunka, sannan naira 355,000 kafin ƙarshen Yuni, jimilla naira 517,412, in ban da harajin da suka ce mai yiwuwa a cire. Biyan farko zai riski Babbar Salla, na biyu kuwa kada ka ɗora lissafin layya a kansa.

Fansho daban yake da duk waɗannan, kuma ba a hannun kamfani yake ba. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma kashi 10, saboda haka na watan Mayu naira 17,100 ya kamata ya shiga asusunka na fansho, 7,600 naka da 9,500 na kamfani. Ka je ofishin kamfanin da ke kula da fanshonka ka karɓi bayanin asusu, ka bi shi wata bayan wata, domin cirewa a takardar albashi ba ita ce shaidar an zuba ba. Da yake shekarunka 46, ba ka kai 50 ba, dokar ta ba ka damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun ba idan ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba, wato daga farkon Oktoba, kuma za su nemi ganin wannan takardar sallama.

Saura maganar sa hannu, wadda ita ce mafi nauyi. Sa hannu biyu ake nema daga gare ka, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko shaida ce kawai cewa takarda ta iso hannunka, ba ya nufin ka yarda da lissafin, don haka ka sa, ka rubuta kwanan wata, ka karɓi kwafinka. Na biyu kuwa yana cewa an gama biyanka kuma ba ka bin kamfani komai, wanda idan ka sa shi, daga baya ka gano an manta kwanakin hutu ko ba a zuba fansho ba, da shi za a tare ka, ko da ka kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce ke da hurumin sauraron irin wannan shari'a kuma tana zama a nan Kano. Shawarata ita ce kada ka sa masa hannu sai ka ga bayanin asusun fansho, ka tantance rance da hutu, kuma an nuna maka takardar biya mai ɗauke da adadin da za a tura. Idan aka matsa maka, ka ce sai wakilin ƙungiya ya zo.

Ka zo ofis ranar Litinin, 2 ga Yuni, da ƙarfe goma na safe, ka taho da takardar ɗaukarka aiki da takardun albashinka na shekara biyun nan da saƙon banki na biyan farko, mu zauna mu bi lissafin tare kafin mu je wurin manaja.

Abdullahi Musa
Sakataren reshen ƙungiya
27 ga Mayu, 2025