Dokar Makaranta Kan Wayar Hannu a Hannun Ɗalibai

Zuwa ga iyaye, malamai da ɗalibai. Hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai sun amince da wannan doka, kuma za ta fara aiki ranar Litinin ta farko a zango na biyu.

Dalili

Ba mu ɗauki waya a matsayin abokiyar gaba ba. Abin da muke karewa shi ne hankalin yaro a aji. Malami na tsaka da bayani a allo, sai ya waiwayo ya ga kan ɗalibi a sunkuye, hannu a ƙarƙashin tebur, hasken waya na haska masa haɓa. Na kusa da shi ma ya leƙo. Ko wayar ba ta yi ƙara ba, motsi ɗaya a aljihu ya isa ya raba yaro da darasi, kuma kafin hankalinsa ya dawo an wuce wurin.

Abin da ya fi damunmu shi ne mutuncin yara. Ɗaliba ta yi kuskure a karatu, wani ya ɗauke ta bidiyo a ɓoye, kafin a tashi ya zagaye makaranta. Wannan yarinya ba za ta sake ɗaga hannu a aji ba, kuma abin da ya fita ba mai iya dawo da shi. Sai kuma satar amsa a jarabawa, da rigimar ɓatan waya da ke cinye lokacin malamai.

Ba mu kaɗai muka kai ga wannan matsaya ba. Tun 2018 Faransa ta kafa dokar hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A 2023, rahoton hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar kada a bar fasaha a aji sai inda take taimakon karatu.

Dokoki

1. An fi so ɗalibi ya bar wayarsa a gida. Wanda nisan hanya ya sa dole ya zo da ita, iyayensa su cike takardar neman izini a ofishin mataimakin shugaba.
2. Mai izini zai kashe wayar a bakin ƙofa, ya miƙa wa malamin ajinsa kafin taron safe. Za a rubuta ta a rajista, a kulle a akwati, a mayar masa bayan ƙararrawar tashi.
3. Babu waya a aji, ɗakin karatu, filin wasa ko banɗaki, har da lokacin hutun tara. Agogon da ke karɓar saƙo da abin sauraro na kunne duk hukuncinsu ɗaya da waya.
4. An haramta ɗaukar hoto, bidiyo ko muryar kowa ba da izinin shugaba ba.
5. Ɗalibin da lafiyarsa ta dogara da waya, kamar mai ciwon sukari da ke duba jininsa da ita, zai riƙe ta idan an kawo takardar likita. Haka ma mai nakasa da ke karatu da ita.

Mun san fargabar iyaye: "Idan wani abu ya taso, ya zan sami ɗana?" Wannan nauyi makaranta ta ɗauka. Layin ofis a buɗe yake daga bakwai da rabi na safe har a tashi, kuma duk saƙon gaggawa za a kai wa yaro har aji nan take. Yaron da ke son kiran gida zai kira daga ofis kyauta. Muna roƙon iyaye kada su kira wayar yaro lokacin karatu. Malamai ma ba za su amsa waya a gaban ɗalibai ba.

Hukunci

Karo na farko, za a karɓe wayar har a tashi, a rubuta sunan ɗalibi. Karo na biyu, sai uba, uwa ko mai riƙon yaro ya zo da kansa ya karɓa. Karo na uku a zango ɗaya, an soke izinin har ƙarshen zangon, kuma za a zauna da iyaye.

Wanda aka kama da waya a ɗakin jarabawa, ko a kashe take, an soke masa wannan takarda. Wanda ya ɗauki wani ko ya yaɗa hotonsa don cin zarafi zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma hukuncin na iya kaiwa dakatarwa ta mako biyu. Idan abin ya shafi hoton tsiraici ko barazana, za a sanar da hukuma.

Ba a yarda malami ya daki yaro, ya fasa waya, ko ya buɗe ta ya karanta saƙonni ba. Wayar da aka karɓa amana ce a hannun makaranta. Wadda ɗalibi ya ɓoye ta ɓata kuwa, makaranta ba za ta biya ba.

Iyayen da ba su gamsu da wani hukunci ba su rubuto wa shugaba cikin kwana 7. Za a sake duba dokar a ƙarshen shekarar karatu, tare da jin ta bakin wakilan ɗalibai.

Shugaban Makaranta
A madadin Hukumar Gudanarwa