Godiya ga Alhaji

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yamma, ya iyali ya kasuwa? Alat ya shigo yanzun nan, naira dubu 840 na buhunan masara 20 cif. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, mun yi da kai sai ƙarshen wata amma ga shi tun ranar 12 ka turo, da su ma zan sari waken Kumo gobe kafin ya ƙara tashi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Lodi na gaba kai ne farko insha Allah, kuɗin dako zuwa shagonka na Muda Lawal kuma na ɗauke maka, kira kawai za ka yi. A gaida Hajiya.