Yadda za a raba makin aikin tarihin baka, 'yan aji 2 na babbar sakandare

Ku karanta wannan tun kafin ku je hira dan Allah. Maki 100 ne gaba ɗaya, kuma aikinku nake dubawa, ba daɗin labarin wanda kuka zauna da shi ba. Wanda kakansa ya je yaƙi da wadda ta yi hira da tsohuwar da ba ta taɓa barin gida ba duk sikeli ɗaya ne. Tsadar waya ma ba ta da maki, in dai ana jin magana shikenan.

Izini, maki 15. Tun farkon rikodin a ji kun faɗi sunanku da ranar hirar da abin da za a yi da ita, a ji mai labarin ya amince da bakinsa, kun kuma gaya masa yana iya cewa a tsaya ko a ɓoye sunansa. In babu izini ba zan ma saurari sauran ba.

Tambaya da sauraro, maki 30, nan ne ainihin aikin. Hira ta kai minti 20 aƙalla. 25 zuwa 30 na wanda ya yi tambayar da ke buɗe baki, irin "yaya ranar ta kasance?", kuma da tsohuwa ta ce "daga nan ban ƙara komawa makaranta ba" ta yi shiru, bai yi tsalle zuwa tambaya ta gaba a takarda ba, ya jira, sannan ya ce "me ya faru?". 15 zuwa 24 tambayoyin sun yi kyau amma ba a bin amsa. Ƙasa da 15 na mai katse mutum ko mai sa masa magana a baki, irin "ai kun sha wahala ko?"

Rubuta hirar, maki 20. Minti 10 kawai, yadda aka faɗa, kar ku gyara masa harshe, ku sa lokaci a gefe kamar 04:30. Zan ɗauki wuri 3 in gwada da rikodin, in duk sun dace 20, kowane wuri da ya kauce a cire 5.

Bincike, maki 20. Ku gwada abu 2 da ya faɗa da wata rubutacciyar majiya, 10 kowanne. In shekara ta saɓa ku rubuta duka biyun, ba a cewa dattijo ya yi ƙarya, mantuwa da yadda mutum ke tuna abu su ma tarihi ne.

Nazarinku, maki 15, shafi 1: me kuka gane, wace tambaya ce ta kuɓuce muku.

Wanda makin bai gamsar da shi ba ya zo cikin kwana 7, wani malami zai sake dubawa da wannan takardar ba tare da ya ga makina ba.