Zaren da Ya Rage

Aikin aji na uku, darasin rubutun fim: fitowa ba tare da magana ba
Mai rubutu: Hafsatu Sani
Tsawo: kimanin minti 7

Malam, abin da ya fi ba ni wuya a aikin nan shi ne sallama. Bahaushe ba ya shiga gidan mutane baki a rufe, in na sa dillaliya ta faɗo haka kawai duk wanda ya kalla zai ce ƙarya ne. Shi ya sa na ajiye injin markaɗe a maƙwabta. Za a ga baki yana motsi, amma ƙarar injin ce za ta cika kunne. Ban sa kiɗa ko ɗaya ba, sautin gidan kaɗai nake so a ji.

Mutanen ciki: Binta, mai shekara 38. Ummi, 'yarta, mai shekara 10. Dillaliya, dattijuwa. Yaro mai baro.
Wuri: wani ƙaramin gidan ƙasa a Yakasai, cikin birnin Kano. Lokacin hunturu.

1. CIKI. ƊAKIN BINTA. ASUBA.

Duhu. Daga nesa ana jin ladanai biyu, ɗaya na bin ɗaya.

Hasken 'yar fitila mai batir. Kyamara tana ƙasa, dab da tabarma, ba ta ga komai sai kwanonin sha guda biyu a jere. Na dama cike yake da ƙwallon dabino har ya yi tozo. Na hagu saura ƙwallo ɗaya tal.

Hannun mace ya shigo. Babu lalle, babu zobe, sai farin zagaye a yatsa inda zoben ya saba zama. Hannun ya ɗauki ƙwallon, ya riƙe shi ya daɗe. Sannan ya ɗora shi a kan tozon. Ƙwallon ya gangaro ya faɗi kan tabarma. Ba ta ɗauka ba.

Kyamara ta ja baya a hankali. Binta ce zaune kan sallaya, cikin hijabi mai ruwan toka da ya koɗe. A bayanta Ummi tana barci, ta dunƙule cikin bargo. A bango akwai kalanda, shafinta yana kan Agusta 2023, gefen takardar ya nannaɗe don bushewar iska.

Binta ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko tandun kwalli. Ta hure ƙurar da ke kansa, ta juya shi a tafin hannu, ta mayar inda yake.

2. WAJE. TSAKAR GIDA. SAFE.

Hazo ya rufe sama, rana fara fat kamar faranti. A ɗauka daga sama, ta kan katanga, don a ga ƙanƙantar gidan duka a lokaci ɗaya: murhu, randa, igiyar shanya, buta biyu a bakin rariya. Ɗaya jiƙe take. Ɗaya ta yi fari da ƙura.

Binta tana dama koko. Ta zazzage robar gasara, ta sa yatsa ta kankare gindin robar har sai da ta yi ƙara. A gefenta buhun gero ya kwanta a ƙasa, babu abin da zai tsayar da shi.

Ta jera kofi uku. Ta cika na farko, ta cika na biyu. Ludayi ya kai bakin na uku ya tsaya a sama. Koko yana ɗiga, ɗigo ɗaya, biyu. Ta mayar da ludayin cikin kwano, ta kife kofin.

Ummi ta fito da jakar Islamiyya. Kyamara kada ta fara da fuskarta, ta fara da hannun rigar makaranta, wanda ya tsaya nesa da wuyan hannunta, da ƙasan hammata inda aka kama yagewa da fil biyu. Ta miƙa hannu za ta karɓi kofi, fil ɗaya ya ɓalle. Ta yi sauri ta matse hannun a jikinta, ta saci kallon uwar. Binta ta gani. Ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Ummi ta shanye, ta ja hijabi ta rufe wurin, ta nufi soro.

3. CIKI. SORO. SAFE.

Kyamara a tsaye wuri ɗaya, ba ta motsi. A hagu ƙofar cikin gida, a dama ƙofar waje, a tsakiya wani abu lulluɓe da tsohon zanen gado. Takalmin namiji sau-ciki yana ajiye a ƙarƙashinsa, bakinsa na kallon bango.

Ummi ta ratsa. Da ta zo daidai abin, ta shafa saman zanen da yatsu biyu ba tare da ta tsaya ba, irin shafar wanda ya saba kullum. Wurin ya fi ko'ina duhu a jikin zanen. Ta fita. Haske ya shigo, ya koma.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

4. CIKI. SORO. HANTSI.

Ƙofar waje ta buɗe. Dillaliya ta shigo da ƙullin kaya a ka, bakinta yana motsi, ƙarar injin ta danne komai. Ta bayanta, a cikin hasken lungu, yaro ya jingina da baro yana shan rake.

Binta ta fito ta durƙusa. Dillaliya ta sauke ƙullin, ta dafa kafaɗarta, ta ɗaga hannu biyu sama na ɗan lokaci, ta shafa. Daga nan ta juya ga abin da ya kawo ta. Ta kama gefen zanen ta yaye.

Ƙura ta tashi cikin hasken ƙofa. Keken ɗinki ne na ƙafa, baƙi, mai zanen ruwan zinare da hoton malam-buɗe-littafi a jikinsa. A kan teburinsa akwai almakashi, guntun alli, tef ɗin awo, da tabarau mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare.

A matso sosai. Ƙarƙashin allura akwai yadi shuɗi, irin na rigar Ummi. An ɗinka rabin hannu, layin ya miƙe sambal, ya tsaya a tsakiya. Allurar tana nutse cikin yadin.

Binta ta kau da kai.

Dillaliya ta ƙwanƙwasa teburin, ta leƙa ƙasa, ta ja bel ɗin ta saki. Ta kwance bakin zaninta ta fito da kuɗi. A ɗauki yatsunta kawai tana lasa tana ƙirgawa, 'yan dubu-dubu, tsofaffin takardu da sababbi a gauraye. Ta jera su kan teburin, ta danne da almakashi. Ta yafito yaron.

Ta kama yadin za ta zare. Ya ƙi, allura ta riƙe shi. Ta ƙara ja, yadin ya fara tattarewa. Hannun Binta ya sauka a kan nata.

Nan injin markaɗen ya mutu. Ina so shirun ya faɗo a kan mai kallo kamar an ɗauke wuta, don haka kada a cike shi da komai. Kukan kurciya ɗaya daga nesa ya isa.

Dillaliya ta janye hannu. Binta ta duba keken ta ko'ina tana neman inda za ta ɗaga allurar. Tsayuwa ba ta ba ta dama ba, sai ta jawo kujerar ta zauna a bakin-baki, kamar baƙuwa.

Kyamara ta sauka ƙasan teburi. Matakin ƙarfen duk ya yi baƙi, in ban da wuri ɗaya da ya goge yana sheƙi, daidai faɗin tafin ƙafar namiji. Ƙafar Binta ta sauka a wurin. Ba ta cika shi ba.

Matakin ya motsa. Allura ta ɗaga, ta sauka, ta ɗaga. Ɗinki uku.

Binta ta janye ƙafar kamar ta taka garwashi. Sai yanzu kyamara za ta tsaya a kan fuskarta kusa-kusa, karo na farko tun da aka fara. A bar ta a nan, a ƙirga goma. Kada mai wasan ta yi kuka. Idanunta suna kan ɗinki ukun nan.

Ta mayar da ƙafar.

Keken ya fara tafiya da gardama, yana tsayawa yana tashi. Daga sama, a ga yadin yana wucewa: layin mijin a miƙe, daga inda ya tsaya kuma layinta ya ɗauka, yana karkacewa kamar sawun tururuwa.

Yaron ya leƙo da raken a baki. Dillaliya ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Ta tsaya tana kallo. Ta dubi kuɗin, ta dubi bayan Binta da ya sunkuya, ta dubi takalmin da ke ƙasa. Ta ɗaga almakashin ta kwashe kuɗinta, ta ƙulle a bakin zani.

Ta ɗauki ƙullinta har ta kai ƙofa. Ta tsaya. Ta dawo, ta sauke, ta tona ciki ta zaro wani zanen atamfa da bakinsa ya zare. Ta ninke shi ta ajiye a gefen teburin, ta ɗora naira 500 a kai, ta danne da guntun allin. Ta fita. Ƙarar tayar baro tana nisa, babu nauyi a cikinta.

Binta ba ta ɗago ba. Ƙafarta ta kuskure, keken ya juya baya, zare ya tsinke.

5. CIKI. SORO. AZAHAR.

Hasken ƙofa ya matsa daga bango ya dawo ƙasa. Kyamara tana inda take a fitowa ta 3.

Binta tana nan zaune. Ta lashi bakin zare, ta kai shi kafar allura, ya lanƙwashe. Ta sake. Ta ɗauki tabaran mijin ta sa, ya zame mata zuwa kan hanci, ta runtse ido, ta cire. A kan teburin guntayen zaren da ta yi ta yankewa sun taru.

Ƙofar waje ta buɗe. Ummi ta tsaya a bakin ƙofa, haske a bayanta, ba a ganin fuskarta. Zanen gadon yana ƙasa a gabanta. Ta tsallake shi.

Ta ajiye jaka. Ta zagayo ta hagun keken, ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, wurin da ƙasar ta ɗan lotsa. Ta karɓi zaren daga hannun uwar. Ta bi da shi ta inda ya kamata, ƙugiya bayan ƙugiya, ba ta ko duba ba, ta zura shi a kafar allura sau ɗaya. Ta ja bakinsa baya, ta sauke ƙafar da ke danne yadi. Sannan ta ɗauki tabaran ta naɗe ƙafarsa ɗaya, ta ajiye shi a cikin aljihun teburin, ta tura.

Ta kama bakin yadin ta bayan allura da hannu biyu, ta miƙar da shi. Fil ɗin da ya rage a hammatarta ya ɓalle. Ba ta matse hannun ba.

Binta ta ɗora tafinta kan ƙaramar tayar, ta jawo ta wajenta.

6. WAJE. LUNGU. AZAHAR.

Daga tsallaken lungu, ƙofar soron a buɗe rabi. Almajiri ya wuce da roba, akuya tana cin ɓawon raken da yaron ya zubar. Daga ciki ƙarar keke tana fitowa, ta tsaya, ta tashi, ta tsaya, ta tashi ta ɗan daɗe.

Wata mata mai goyo ta zo wucewa da leda a hannu. Ta rage tafiya, ta juya kai wajen ƙofar.

DUHU.