Wasiƙa ga Alhaji kan Kuɗin Tambari da Iyakar Kasuwa

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Ina fata iyali da ma'aikatan inji suna lafiya, da duk mutanen Argungu.

Na karanta yarjejeniyar da kamfanin nan na Kano ya aiko, wadda za ta ba ka damar zuba shinkafarka a buhu mai tambarinsu. Shawarata ita ce kada ka sa hannu tukuna. Sashe na 4 da na 6 ne suka tsaya mini a rai, wato kuɗin da za ka riƙa biya da yankin da aka yarje maka sayarwa, kuma ɗaya ba ya tafiya sai da ɗayan.

Tambarin ba sayar maka da shi za a yi ba, haya ce kamar ta shago. Duk sunan da ka ƙara masa da kyawun shinkafarka, nasu ne ranar da kuka rabu. Na nemi su turo takardar rajistarsa daga ofishin rajistar tambura da ke Abuja, domin a dokar tambura ta 1965 rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ina so in ga ba ta ƙare ba, kuma ta haɗa da shinkafa.

To, sashe na 4. Sun ce kashi 3 cikin ɗari na ciniki. Na ji ka a waya kana cewa wannan ai ba komai ba ne. Bari mu ɗauki alƙaluman da akawunka ya ba ni. Buhu mai kilo 50 kana sayar da shi naira 60,000, kason su a kowane buhu ya zama naira 1,800. Amma ribarka a buhun, bayan kuɗin shanshera da gas da leburori da buhun kansa, naira 4,000 ce. Ka ga kusan rabin ribar ke nan. Idan ka fitar da buhu 400 a wata, naira 720,000 za ka tura Kano. Tambayar da kai kaɗai za ka iya amsawa: wannan tambari zai ƙara wa buhunka kuɗi ko saurin fita har ya rufe naira 1,800 ɗin? Ka tambayi dillalanka na Jega da Sakkwato, sun fi ni sani.

Sai abin da suke kira ciniki. Yadda aka rubuta, duk abin da ya fita daga injinka ya shiga lissafi. Ke nan har da dusa, da tsaki, da shinkafar da kake zubawa a farin buhu, da kuɗin casa da manoma ke biyanka. Wannan ba zai yiwu ba. Na gyara shi ya koma kayan da ke ɗauke da tambarinsu kawai, bayan an cire kuɗin mota, da ragin da ka yi wa dillali, da kayan da aka dawo da su. Haka kuma sun sa biya ya hau kanka tun ranar da aka yi lodi. Kai kuwa rabin kasuwarka bashi ne, wani sai ya yi wata biyu kafin ya kawo. Na nemi a koma lissafi kan kuɗin da ya shigo hannu. Da wuya su yarda gaba ɗaya, amma ko wa'adin kwana 60 aka samu ya rage zafi.

Inda ya fi damuna shi ne ƙaramin sashe na 4(c). Ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, duk wata uku sai ka biya aƙalla naira 1,500,000. Kafin kason su ya kai haka, sai ka sayar da buhu 834 a wata ukun. Da kaka wannan ba wuya. Amma ka tuna tsakiyar damina, lokacin da shanshera ke yin tsada, ko shekarar da ruwa ya cinye fadama. Idan buhu 450 ka fitar a wata ukun, kason su na gaskiya naira 810,000 ne, sauran naira 690,000 daga aljihunka za su fito. Su ma suna da hujja, ba sa son wanda zai riƙe tambari ya kwanta a kai. Na ba su zaɓi: a yi lissafin a shekara ba a wata uku ba, yadda cinikin kaka zai rufe na damina, kuma a ɗage shi a shekarar farko.

Ka sani kuma, doka ta ɗora maka cire haraji daga irin wannan kuɗi kafin ka tura, ka kai wa hukuma, ka ba su shaidar biya. A rubuta cewa daga kasonsu ake cirewa, ba ƙari ba ne a kanka. Za su kuma riƙa aiko mai duba littattafai. Wannan haƙƙinsu ne, sai dai na sa sau ɗaya a shekara, da sanarwar mako biyu.

Yanzu sashe na 6. An ba ka jihohin Kebbi da Sakkwato, amma ba a ce kai kaɗai ba. Irin wannan izini kashi uku ne. Akwai wanda kai kaɗai ke sayarwa a yankin, har mai tambarin ba ya shigowa. Akwai wanda ba za su ba wani ba, amma su da kansu suna iya kawo kaya. Na ukun kuwa suna iya ba kowa. Wanda ke gabanmu na ukun ne. Gobe su ba wani mai inji a Birnin Kebbi, ko tirelarsu ta sauke a Sakkwato da farashin da ba za ka iya ba, kai kuma naira 1,500,000 tana nan a wuyanka. Shi ya sa na ce sassan biyu tare suke. In suna son kuɗin dolen nan na 4(c), su bar maka yankin kai kaɗai. In sun ƙi, a cire 4(c). Ko jihar Kebbi kaɗai suka keɓe maka, da ƙananan hukumominta 21, ya fi jihohi biyu da kowa zai shiga.

Sun kuma rubuta cewa ganin buhunka a wajen yanki saɓa alkawari ne, suna iya soke yarjejeniya. Alhaji, wa ke iya bin buhu? Mutum ya saya a kasuwar Jega ya kai Gusau, wani ya ɗauka a Yawuri ya wuce Kwantagora. Na gyara: laifi sai in kai ne ka kai kayan, ko ka yi talla a can, ko ka sayar wa wanda ka san fita zai yi da su. Naka shi ne rasit mai sunan mai saye da inda aka sauke kaya.

Maganar masu saye daga Kamba, can bakin iyaka, daban take. Rajistar Najeriya ba ta aiki a Nijar ko Benin, su tamburansu a wata hukumar haɗin gwiwa da ke Yawunde ake yi musu rajista. Kamfanin ba zai iya ba ka abin da bai mallaka ba, kuma mai yiwuwa wani ya riga ya kama sunan a can. Kada buhu mai tambarin ya ƙetare iyaka da saninka.

Kafin ranar Alhamis ina buƙatar littafin cinikinka na shekara biyu, wata bayan wata, don in nuna musu yadda damina ke yi maka. Kada kuma ka ba da kuɗin buga sababbin buhuna sai mun ji amsarsu.

Allah ya ƙara buɗi.

Naka,
Barista Nasiru
Birnin Kebbi