Zuwa ga 'Yan Aji Biyu na Lissafi: Abin da Na Gani a Takardun Jarrabawar Siris

Assalamu alaikum, ɗalibaina. Barkanku da sanyin Jos.

Na gama duba takardunku na jarrabawar tsakiyar zango, guda tamanin da huɗu. Wakilin aji zai karɓa ranar Litinin ya raba muku. Kafin kowa ya leƙa makinsa ya cusa takardar a jaka, ina so ku karanta wannan har ƙarshe. Na rubuta da Hausa don 'yan zaman bita na ranar Alhamis, tun da a nan ne kuka fi sakin jiki ku yi tambaya. Idan na ce siris ya tsaya, ina nufin ya yi konbaj. Idan na ce ya zarce, ya yi daibaj ke nan.

Hannunku a lissafi ba laifi. Yawancinku kun iya fitar da limit, aljabararku ma ta fi ta farkon zango tsabta. Inda maki ya zube shi ne wajen sharaɗi. Kowane gwaji da na koya muku da "idan" yake farawa, ku kuma kun haddace abin da ke bayan "to", kun bar "idan" ɗin a littafi. Kusan duk jan biro da za ku gani a takardunku daga nan ya samo asali.

Tambaya ta biyu ce ta fi damuna, don haka da ita zan fara. An ba ku Σ 1/√n. Fiye da rabin aji suka rubuta cewa 1/√n yana tafiya zuwa sifiri, saboda haka siris ya tsaya. Layi biyu, an ja ƙarƙashi, an wuce. Wannan amsa ba ta da maki ko ɗaya, kuma ina so ku fahimci dalili, kada ku ɗauka tsanani ne. Abin da gwajin gaɓa ta n ya ce shi ne: idan gaɓa ta n ba ta tafiya zuwa sifiri, to siris ya zarce. Iyakar maganarsa ke nan. Idan gaɓar tana tafiya zuwa sifiri, gwajin bai ce komai ba, ya bar ku inda ya same ku. Ku ɗauki gaɓoɓi n na farko. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce 1/√n, kuma guda n ne, don haka jimlarsu ba za ta gaza n × 1/√n = √n ba. Gaɓoɓi ɗari sun ba da aƙalla 10, gaɓoɓi dubu goma sun ba da aƙalla 100. Ina tsayawa a nan? Da yayyafi kogi kan cika, in dai yayyafin bai yi saurin ƙanƙancewa ba.

Na san abin da ke ruɗa ku, domin ido ne yake yaudara. Siris na hamonik, 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + …, idan ka tara gaɓoɓi dubu na farko ba ka kai 7.5 ba, kuma sai ka tara gaɓoɓi 12,367 kafin jimlar ta haye 10. Duk wanda ya danna kalkuleta na minti biyar zai rantse ya tsaya. Amma tun a ƙarni na 14 Nicole Oresme ya nuna cewa yana zarcewa, da hujjar da ɗan sakandare zai gane: 1/3 + 1/4 ya fi rabi, 1/5 zuwa 1/8 sun fi rabi, 1/9 zuwa 1/16 sun fi rabi, haka za ka yi ta samun rabi-rabi ba ƙarewa. Mun yi wannan a allo a mako na uku. Ku koma ku sake rubuta shi da hannunku, ba tare da kallon littafi ba.

Tambaya ta ɗaya 'yar'uwar wannan ce. A Σ n/(2n+1), limit na gaɓar 1/2 ne, kuma kusan kowa ya same shi. Sai wasu suka rubuta cewa siris ya tsaya a 1/2. Sikwens ɗin ne ya tsaya a 1/2. Siris kuwa tarawa ne: kana ƙara abin da ya kusa rabi a kan jimla, sau ba adadi, dole ta zarce. Nan ne wurin da gwajin gaɓa ta n yake aiki sosai, kuma nan ne aka ƙi amfani da shi.

A tambaya ta uku, sashe na biyu, mutum goma sha tara suka ba ni −2 a matsayin jimlar 1 + 3/2 + 9/4 + 27/8 + … Don Allah ku dubi wannan da kyau. Babu gaɓa ɗaya mai alamar debewa, kowace ta fi wadda ta gabace ta girma, amma jimla ta fito ƙasa da sifiri, kuma babu wanda ya ɗan dakata ya ce anya. Ƙa'idar a/(1 − r) tana da sharaɗi: |r| < 1. A nan r = 3/2, saboda haka babu jimla, kuma faɗin haka shi ne amsar. A sashe na farko kuskuren ƙarami ne amma ya ci maki biyu: an ce Σ 5(2/3)ⁿ daga n = 1, kuka ɗauki a = 5 kuka sami 15. Gaɓar farko 10/3 ce, jimla 10. Harafin a yana nufin gaɓar da siris ya fara da ita, kowace ce. Ku rubuta gaɓoɓi uku na farko kafin ku taɓa kowace ƙa'ida. Ba zai ci muku rabin minti ba.

Gwajin reshiyo kuna son sa, na lura, har inda ba ya aiki kuna kai shi. A Σ (n!)²/(2n)! shi ne daidai, matsalar faktoriyal ce. Idan aka sa n + 1 a gurbin n, (2n)! yana komawa (2n + 2)!, wato (2n + 2)(2n + 1)(2n)!. Waɗanda suka rubuta (2n + 1)! sun sami limit marar iyaka, suka yanke cewa ya zarce, alhali limit ɗin 1/4 ne kuma siris ya tsaya. Wasu kuma sun mayar da (2n)! zuwa 2 × n!. Ku gwada da n = 3: ɗaya 720, ɗaya 12.

A Σ 1/(n² + 1) reshiyo ya ba da 1. Wasu suka ce ya tsaya, wasu suka ce ya zarce, kowa da abin da ransa ya raya masa. Idan L = 1 gwajin ya yi shiru. Σ 1/n yana ba da 1 kuma yana zarcewa, Σ 1/n² yana ba da 1 kuma yana tsayawa, a π²/6, kamar yadda Euler ya gano. Na ba da maki ɗaya ga duk wanda ya rubuta cewa gwajin bai yanke hukunci ba, ko da bai ci gaba ba, domin gaskiya ya faɗa.

Waɗanda suka koma gwajin kwatance sun kama hanya, amma da yawa sun juya ta. Na ga an rubuta: 1/(n² + 1) bai kai 1/n ba, Σ 1/n ya zarce, don haka wannan ma ya zarce. Ku je Farin Gada ku tsaya wajen masu lodin dankali. Idan an ce kayanka bai kai lodin keke ba, ka san keke zai ɗauka. Idan an ce kayanka ya fi lodin tirela, ka san keke ba zai iya ba. To idan aka ce kayanka bai kai lodin tirela ba fa? Ba a faɗa maka komai ba, yana iya zama kwando ɗaya, yana iya zama buhu hamsin. Kasancewa ƙasa da abin da ya tsaya shi ne hujjar tsayawa, kasancewa sama da abin da ya zarce shi ne hujjar zarcewa. Abin da ake nema a nan: 0 < 1/(n² + 1) < 1/n², kuma Σ 1/n² ya tsaya tun da p = 2 ya fi 1. Sifirin da ke gefen hagu ma ku rubuta shi, gwajin na gaɓoɓin da ba su ƙasa da sifiri ne.

Tambaya ta biyar ta fi kowace maki, kuma a ƙarshenta aka yi asara. A Σ (x − 2)ⁿ/n kusan kowa ya sami radiyos 1, ya rubuta 1 < x < 3, ya ajiye biro. Saura bakin iyaka biyu, inda reshiyo yake komawa 1, wato inda ba ya magana. Sai an sa kowanne da hannu. A x = 3 hamonik ne, ya zarce. A x = 1 ana samun −1 + 1/2 − 1/3 + …, alama tana sauyawa, girman gaɓoɓi yana raguwa, kuma yana tafiya zuwa sifiri, don haka gwajin Leibniz ya tabbatar ya tsaya, jimlarsa −ln 2. Amsa: 1 ≤ x < 3. Cikin waɗanda suka duba iyakar ma, kaɗan ne suka nuna raguwar. Sauya alama kaɗai ba ta isa ba, 1 − 1 + 1 − 1 + … ma yana sauya alama. Mutum shida ne suka ƙara da cewa tsayuwar da aka samu a x = 1 mai sharaɗi ce, domin in an cire alamun debewa hamonik ne zai dawo. Na ji daɗin waɗannan takardu shida ƙwarai.

Tambayar Maclaurin ta tafi lafiya. Kun sami sin 0.5 ≈ 0.5 − 0.125/6 = 0.4792. Sai dai an ce ku faɗi iyakar kuskure, kuma rabinku sun tsallake. Gaɓa ta gaba ce kawai, 0.5⁵/120, kimanin 0.00026. Mutum uku sun sami amsa daidai, suka gwada a kalkuleta suka ga 0.0087, suka soke aikinsu mai kyau. Kalkuletar tana kan digiri ne, siris ɗin kuwa na radiyan ne. Na duba abin da ke ƙarƙashin sokewar na ba da rabin maki, a babbar jarrabawa ba zan iya yin haka ba.

Wata magana a kan rubutu. Alamar lim tana ɓacewa a tsakiyar aiki sannan ta dawo a ƙarshe, ana kuma sa = tsakanin abubuwan da ba daidai suke ba, kamar a ce n/(2n+1) = 1/2. Ana rubuta "ya tsaya" ba a faɗi da wane gwaji ba. Ni na san muryar kowannenku, ina iya hasashen abin da kuke nufi. Malamin da zai zo daga wata jami'a ya duba takardun ƙarshen zango bai san ku ba, abin da ke kan takarda kawai zai karanta.

Ga aikin da nake so kafin Alhamis. Kowa ya ɗauki falle ɗaya, ya rubuta gwaje-gwaje shida da muka yi amfani da su a nan, kowanne da sharaɗinsa, da abin da yake yankewa, da inda yake yin shiru, da misali guda na inda ya yi shirun. Sannan ku sake yin tambaya ta biyu da ta biyar gaba ɗaya. Wanda ya sami ƙasa da goma sha biyu cikin talatin ya zo ofishina Talata ko Laraba, daga ƙarfe biyu da rabi zuwa huɗu, da takardarsa a hannu. Ba faɗa zan yi ba, zama za mu yi mu bi ta layi-layi. Wanda yake ganin na yi kuskure wajen tara masa maki, shi ma ya zo a wannan lokacin, kada ya gyara komai a takardar kafin ya kawo.

Zaman Alhamis ƙarfe takwas na safe ne, a ɗakin da muka saba. Na san hazo ya sauka, ku sa rigar sanyi ku zo a kan lokaci, da hujjar Oresme za mu fara kuma ɗaya daga cikinku ne zai hau allo.

Allah Ya ba da sa'a.

Malaminku na kwas ɗin Sikwens da Siris